Injin da Ya Tsaya Bai Mutu Ba: Darasi na 3 ga Sabbin Ma'aikatan Sashen Casar Shinkafa

A allo: Ɗakin casa da rana, injuna suna aiki, buntu yana tashi. Sai a ɗauke wuta, ƙarar ta mutu gaba ɗaya. Taken darasin ya fito da farin rubutu.

Mai gabatarwa: Assalamu alaikum, 'yan uwa ma'aikata, barkanku da zuwa darasi na uku. Wannan shirun da kuka ji yanzu ya fi ƙarar inji haɗari, domin lokacin da inji yake ruri kowa yana jin tsoronsa, amma da zarar ya yi tsit sai hannu ya yi saurin shiga inda bai kamata ba.

A allo: Wasan kwaikwayo. Wani ma'aikaci ya leƙa injin, ya ga shinkafa ta toshe shi, ya ɗaga murfi, ya miƙa hannu. A gefen dama na allo, mai kula da janareto yana tafiya zai tayar da shi. A daskarar da hoton a nan.

Mai gabatarwa: Mutanen nan biyu ba sa ganin juna, kuma kowannensu yana ganin aikinsa yake yi. Idan janareto ya tashi alhali makunnin injin yana a kunne, bel zai iya juyawa nan take, kuma babu hannun da ya isa ya riga shi fita.

Tambaya ta farko, bidiyo zai tsaya har sai an zaɓi amsa: An ɗauke wuta kuma inji ya toshe, me za ku fara yi? Na ɗaya, ku yi sauri ku fitar da shinkafar kafin a kawo wuta. Na biyu, ku aika a gaya wa mai janareto ya dakata. Na uku, ku kashe babban makunnin injin ku sa masa kwaɗo.

Mai gabatarwa: Amsar ita ce ta uku. Mun san da yawa sukan zaɓi ta biyu, kuma niyyarsu mai kyau ce, sai dai saƙo yakan makara a hanya, ɗan aike yakan manta, kuma ko mai janareto ya dakata, wutar gari tana iya dawowa ba tare da ta yi wa kowa sallama ba.

A allo: Zane mai motsi. Kowane mataki yana fitowa lokacin da aka ambace shi, da alamar kwaɗo ja a kusurwa.

Mai gabatarwa: Ku sanar da shugaban aikinku, ku danna jan maɓallin tsayarwa, sannan ku je ku kashe babban makunni. Ku sa kwaɗonku a kai, ku rataya katin da ke ɗauke da sunanku, mabuɗin kuma ya shiga aljihunku, kada ku bar shi a jikin kwaɗon, kada ku ba wa kowa ajiya ko da aboki ne na ƙut da ƙut. Ku jira har bel da fanka su daina juyawa sarai, domin nauyinsu yakan ci gaba da juya su bayan wuta ta yanke. Daga nan ku danna koren maɓalli ku tabbatar injin bai tashi ba. Idan a lokacin babu wuta a masana'anta gaba ɗaya, wannan gwajin bai nuna komai ba, don haka ku sake duba hannun makunnin da kwaɗon da idonku.

Tambaya ta biyu, bidiyo zai tsaya: Mutum biyu za su yi gyara a inji ɗaya, kwaɗo nawa za a sa? Ɗaya, ko biyu?

Mai gabatarwa: Biyu, kowa da nasa. Wanda ya riga gamawa zai cire nasa kaɗai, injin kuma ba zai kunnu ba sai na ƙarshe ya fito.

A allo: Murfin kariya na bel yana komawa mazauninsa. A ƙasa a rubuta: Dokar Masana'antu ta Najeriya, 1987.

Mai gabatarwa: Wannan doka ta wajabta a killace sassan inji masu haɗari, saboda haka duk murfin da kuka cire dole ne ya koma, a ɗaure shi, a ƙirga kayan aiki, a tabbatar kowa ya matsa, kafin ku cire kwaɗonku. Wanda bai karɓi kwaɗo da katinsa ba tukuna ya je ofishin jami'in kariya yau kafin a tashi aiki.

A allo: Hoton kwaɗo da kati a tafin hannu na daƙiƙa 5, sannan maɓallin shiga darasi na 4 a kan ƙura da ƙarar inji.