Warin Kicin

Ranar Asabar na iso Glasgow, ana yayyafi. Mutumin da ke bakin ƙofar masaukin ɗalibai ya miƙo mini wani kati a maimakon makulli, ya yi ta bayani yana nuna sama da ƙasa. Ni da na yi shekara huɗu ina karantar da ɗaliban jinya da Turanci a Katsina, wallahi ban tsinci komai a maganarsa ba sai lambar ɗakin. Na gyaɗa kai kawai, na ja akwatuna biyu zuwa hawa na uku.

Ɗakin bai kai rabin ɗakin Inna ba. Gado, tebur, kujera, sai wani ƙarfe a jikin bango mai fitar da ɗumi. Tagar ma ba ta buɗuwa sai kamar faɗin tafin hannu. Na duba alƙibla a waya, ta nuna kudu maso gabas, daidai ƙofar banɗaki, don haka sai da na ɗan tura gadon kafin na samu wurin shimfiɗa darduma. Magariba ta yi bayan ƙarfe bakwai, kuma babu wanda ya kira salla. A Rafindadi ladanai uku ne ke rige-rige a kunnenmu, har Inna takan ce ɗaya daga cikinsu agogonsa gudu yake yi. A nan waya ce ta ɗan yi ƙara ta yi shiru.

Na kira gida. Abin da ya fi ba Inna mamaki shi ne lokacinmu ɗaya.

"To ai ba ki yi nisa ba ke nan, Rakiya," in ji ta.

"Sai ƙarshen Oktoba za su mayar da agogonsu baya da awa ɗaya, Inna."

"Su mayar da agogo? Ikon Allah. Kin ci abinci?"

Na ce na ci. Biskit ɗin jirgi ne na ci.

Mu shida ne muke haɗa kicin ɗaya, duk mata. Kowa da durowarta, kowa da ɓangarenta a firji, har da suna a jikin kwalbar madara. Wannan abu ya tsaya mini a rai. A gidanmu idan aka sauke tukunya, almajiri ma yana da kasonsa, amma a nan mutum zai zauna kusa da ke ya cinye abincinsa tas ba ko bismilla. Ba wai ba su da kirki ba ne. Suna murmushi, suna tambayar ya kike, sai dai kafin ki buɗe baki sun kai ƙofa. Na gaishe da wata Baturiya mai jan gashi irin gaisuwarmu, na tambayi gajiya, na tambayi mutanen gida, sai ta tsaya tana kallona kamar na zo mata da labarin rasuwa.

A durowata na jera abin da Inna ta ɗaure mini: kuka, busasshiyar kuɓewa, yaji, da daddawa guda goma sha biyu cikin gwangwanin madara, an naɗe da leda uku. Kilishin kam a Abuja ya tsaya, don Yaya Kabiru ya ce ba a shiga Birtaniya da nama, kuma na tabbata kafin jirginmu ya tashi ya fara yi masa aiki.

Litinin da Talata suka tafi a layi: layin rajista, layin katin ɗalibi, neman asusun banki. Na hau jirgin ƙarƙashin ƙasa na garin, wanda zagaye kawai yake yi, na wuce tashata, na zauna har ya sake dawo da ni. Dare kuwa sai kiɗa daga hawa na ƙasa, sababbin ɗalibai suna shagalin makon farko. Ni ina ƙudundune cikin bargo da safa biyu, ina kallon hotunan sunan ɗiyar Aunty Bilki da aka yi ba ni. Na ƙirga kuɗin burodi da naira sau ɗaya, ban sake ba.

Ran Laraba na kasa daurewa. Na samo garin semo a wani shago a titin Great Western, na jira har kicin ya zama ba kowa, na tuƙa tuwo na kaɗa miyar kuka. Da daddawar ta ji wuta, ƙamshin ya tashi, sai ga ni a tsakar gidanmu, ina jin Inna tana faɗan an bar mata murfin tulu a buɗe. A tsaye na ci, ina ci ina share hawaye da bayan hannu.

Washegari da safe na tarar da takarda manne a ƙofar firji. An rubuta da jan biro cewa akwai abin da ke wari a kicin ɗin nan, don Allah mai shi ya duba. An zana 'yar fuska mai murmushi a ƙasa. Murmushin nan ya fi rubutun ci mini rai.

Ranar ban fahimci komai a lacca ba. Duk wadda ta kalle ni sai in ga kamar hancinta take toshewa. Na shinshina gyalena ya fi sau goma. Kunya ta hana ni shiga kicin har dare, kuma da Inna ta kira ban ɗauka ba, don daga sallamata za ta gane.

Wajen ƙarfe biyu na dare na yanke shawara. Na saka hijabi, na lallaɓa kamar ɓarauniya, niyyata in ɗauki gwangwanin in kai shi babbar bolar da ke waje. Ina tura ƙofa fitila ta kama da kanta, sai ga mutum tsugune gaban durowa. Saura kaɗan in kurma ihu. Ita ma ta zabura, wani ƙunshi ya faɗo daga hannunta.

'Yar siririyar nan ce ta ɗaki na biyar, wadda kullum kanta a sunkuye. Ta yi saurin ɗauke ƙunshin ta ɓoye a bayanta.

"Ki yi haƙuri," ta ce da Turancinta mai sanyi. "Nawa ne. Yanzu zan zubar."

"Me za ki zubar?"

"Abin da ke warin."

Na buɗe durowata na fito da gwangwanin. "A'a, baiwar Allah. Nawa ne."

Muka tsaya kallon juna, kowa riƙe da kayan laifinta. Ita ta fara kwance nata. Wasu baƙaƙen ƙwayoyi ne busassu, kuma tun kafin ta miƙo hancina ya ba ni labari. Na kwance leda uku na miƙa mata nawa. Ta shinshina, ta zaro ido, ta sake shinshinawa.

"Kinema!" ta ce.

"Daddawa," na ce.

Dariya ta kama mu, irin wadda ake toshe baki kada a tashi mutane, har ta zauna daɓas a ƙasa. Sunanta Anjana, daga Dharan a gabashin Nepal, injiniyan ruwa take karanta. Ta ce da waken suya ake yin nasu: a dafa, a ɗan daddaka, a naɗe da ganye a ajiye kusa da murhu kwana biyu ko uku har ya yi yauƙi, sannan a shanya. Na ce namu da kalwa ne, 'ya'yan ɗorawa, kuma wahalarsa ta fi haka, don sai an kwana ana dafawa kafin ɓawon ya saki. Kakarta ce ta yi mata, ta cusa a akwati tana cewa ƙasar da ba kinema ba za a yi ƙiba ba. Na ce ashe kowace ƙasa da irin Innarta.

Na tambaye ta me ya hana ta barci. Ta nuna agogo. Ta ce Nepal tana gaban nan da awa huɗu da minti arba'in da biyar, yanzu mahaifiyarta ta tashi tana dafa shayi, kuma jikinta ya ƙi yarda cewa dare ne. Ban taɓa jin ƙasa mai ragowar mintuna a lokacinta ba, na ɗauka zolaya ce sai da ta nuna mini a waya. Daga nan muryarta ta sauya. Ta ce babban bikinsu, Dashain, ya kusa, lokacin da manya ke manna wa yara jar shinkafa a goshi suna sa musu albarka, kuma bana ne karo na farko da ba za ta durƙusa gaban mahaifinta ba. Ban san me ake cewa ba a addininsu. Na ce mata ni ma haka zan yi Sallah, na tura mata sauran biskit ɗina.

"To yanzu zubarwa za mu yi?" ta tambaya.

Na dubi gwangwanin. Inna da kanta ta je kasuwa ta zaɓo, tana ɗaga kowace ɗaya tana shinshinawa.

"Bari dai mu ga," na ce.

Muka bi kicin ɗin da hanci kamar masu neman ɓera. Durowata ba wari, tata ma haka. Muka buɗe firji, sai ga shi ya bugo mu. A can ƙasa, bayan kwalin ƙwai, wata leda ce da ɗanyen kifi a ciki, ya yi kwanaki har ya fara ruwa. A jikin ledar an rubuta suna da jan biro.

Anjana ta dubi ledar, ta dubi takardar da ke ƙofar firji, ta dube ni. Wannan karon ba mu iya toshe bakin ba.

Ran Juma'a na je babban masallacin da ke kusa da kogin Clyde, na ji kiran salla da kunnena karo na farko tun isowata. Da na dawo na tarar da ita tana jirana da tukunya. Mun riga mun yi sulhu a kan nama: ita ba ta cin na shanu, ni ba na cin abin da ba a yanka ba, don haka kaza muka saya a shagon halal muka raba kuɗin. Na ɗora ruwa zan tuƙa tuwo, ta karɓe muciyar daga hannuna. Na ce za ta yi gudaji. Ta harare ni, ta riƙe tukunyar da tsumma ta shiga tuƙi kamar a Katsina aka yanke mata cibiya. Ashe su ma suna da shi, ɗiɗo suke ce masa, da garin masara ko na tamba, kuma da hannu suke ci.

Muna cikin ci mai jan gashin ta shigo, fuskarta ta yi ja kamar gashin. Kifin dai ya ɓace tun safe, takardar ma haka. Ta tsaya tana shaƙar iska, ta tambayi mene ne wannan. Na ce mata bismilla, na matsa mata kujera. Ta ɗauko cokali, Anjana ta girgiza kai ta nuna mata famfo.

Waya ta yi ƙara, Inna ce. Na jingina ta da gwangwanin daddawa don ta ga kowa.

"Jiya ina kika shiga? Su wa ye waɗannan?"

"Maƙwabtana ne, Inna. Wannan Anjana, ita ta tuƙa tuwon."

Inna ta matso da fuskarta har sai goshinta kawai muke gani.

"Ɗago mini malmalar in gani." Na ɗaga. Ta yi shiru tana dubawa. "Ba laifi. Ki ce mata ta ƙara masa wuta kaɗan gobe. Ita kuma waccan, ki ce mata ba da hagu ake ci ba."