Uku, Huɗu, Biyar

Tun kafin rana ta ɗago Usta Garba ya hau keken jaki zuwa bakin kogi, inda ake gasa jan bulo, ya bar wa Isuhu igiya da tef da turaku huɗu. Ɗakin da za a gina mita 8 ne a tsawo, 6 a faɗi, a gefen garin Mai Wurno, kan baƙar lakar nan da ke tsattsagewa da rani ta kumbura da damina.

"Ka kafa turaku, ka ja igiya," in ji Usta. "Kada kowa ya sa diga sai na dawo."

Isuhu ya kafa. Ya auna 8, ya auna 6, ya sake 8 da 6, duk suka fita daidai. Kawu Sale, wanda ya fi shekara ashirin yana haƙar harsashi, ya tofa wa tafinsa yawu ya ɗauki diga.

"To yaro, zuba toka mu bi layi. Rana ba ta jiran Usta."

Shi kuwa Isuhu hankalinsa bai kwanta ba. Da ya tsaya a bayan turken gabas sai ya ga kamar ɗakin ya karkace, irin zaman mai ciwon ƙugu. Ya ɗora ƙaramar sukwayar ƙarfe a kusurwa, amma abin da tsawonsa bai kai kamu ɗaya ba me zai faɗa maka game da igiyar mita 8? Sai ya ja tef a gicciye, daga kusurwa zuwa wadda ke fuskantarta: mita 10 da santi 20. Ɗaya gicciyen kuma mita 9 da santi 80.

"Kawu, a yi haƙuri. Ɗakin nan a karkace yake."

"Ba kai ka auna ba? Takwas ba ta cika ba ne?"

"Ta cika, Kawu. Kusurwar ce ta buɗe."

Kawu Sale ya jingina diga, ya koma inuwar dalbejiya inda Inna Hajara ke dafa shayi. "Mu dai da ido muka gina rabin unguwar nan," ya ce, yadda kowa zai ji.

Isuhu bai tanka ba. Abin da ya rage masa daga makarantar da ya bari a Sinnar kaɗan ne, amma akwai wani zane da malamin lissafi ya yi a allo wanda bai manta ba. Alwatika ce mai gefe 3 da 4 da 5. Uku sau uku 9, huɗu sau huɗu 16, a haɗa su 25, wato biyar sau biyar. Malamin ya ce duk inda gefuna uku suka tsaya haka, kusurwar da ke tsakanin 3 da 4 miƙaƙƙiya ce, digiri 90, ko an so ko an ƙi.

Ya bar igiyar gaba yadda take, tunda ita ke bin layin hanya. Daga turken kusurwa ya auna mita 4 a kanta, ya ɗaura tsumma. A igiyar gefe ya auna mita 3, ya ɗaura wani. Tsakanin tsummokaran biyu tef ya nuna 5 da santi 10. Ya kira ƙanen mai gida ya riƙe masa bakin tef, ya tuge turken baya, ya riƙa matso da igiyar ciki a hankali.

"Nawa yanzu?"

"Biyar da huɗu."

"Yanzu fa?"

"Biyar cif!"

Turken ya matsa kusan taki guda daga raminsa na farko. Ya buga shi, ya gyara ɗan'uwansa. Taki guda ba komai ba ne a fili. Sai ranar jera kwanon rufi, ko ranar da amarya ta tura gadonta lungu ya ƙi zama, sannan ake neman maginin.

Wajen ƙarfe goma Usta ya dawo, jar ƙura har gira. Bai ce komai ba. Ya dubi tsofaffin ramukan turaku, ya dubi tsummokara, ya karɓi tef ya ja gicciye. Goma. Ya ja ɗayan. Goma da santi ɗaya.

"Wa ya koya maka ɗaura tsumma?"

"A makaranta ne, Usta. Uku, huɗu, biyar."

"Ninka su biyu in ji."

Isuhu ya motsa leɓe. "Shida, takwas..." Sai ya yi shiru, ya dubi filin.

"Ɗakin da kansa alwatikarka ce, ka tsaya wahalar yage tsumma," in ji Usta, yana naɗe tef. "Ɗan buga turken can ya shigo kaɗan. Sale, shayin ya isa haka. Isuhu, kawo toka."