Wasiƙar neman kwafin takardun rajistar kamfani masu hatimin tabbatarwa

Marmaro Kwalaye Nigeria Limited
RC 1049273
Lamba 14, Layin Masana'antu, Kakuri, Kaduna

3 ga Maris, 2025

Zuwa ga
Babban Magatakarda,
Hukumar Yi wa Kamfanoni Rajista ta Ƙasa, CAC,
Plot 420, Tigris Crescent, Maitama, Abuja

Ranka ya daɗe,

NEMAN KWAFIN TAKARDUN KAFA KAMFANI DA HUKUMA TA TABBATAR, DON CIKA SHARUƊƊAN RANCEN BANKI

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ni ne Manajan Daraktan kamfanin da sunansa da lambarsa suke a sama. Na rubuto ne da izinin majalisar daraktocinmu, bisa ƙudurin da ta zartar a zamanta na ranar 24 ga Fabrairu, 2025, domin in roƙi Hukuma ta ba mu kwafin wasu takardu da ke cikin fayil ɗinmu, kowace da hatimi da shaidar cewa ta yi daidai da ta asali, wato abin da shafin Hukuma yake kira CTC.

An yi wa kamfaninmu rajista ranar 12 ga Yuli, 2012, a ƙarƙashin Dokar Kamfanoni ta 1990, a matsayin kamfani mai zaman kansa wanda alhakin masu shi bai wuce hannun jarinsu ba. Sana'armu haɗa kwalaye ce da buga musu rubutu, muna sayar wa masana'antu, kuma a yau mutum 46 ne suke karɓar albashi a wurinmu. Ranar 17 ga Fabrairu bankin da muke hulɗa da shi ya ba mu takardar tayin rance na naira miliyan 85, wanda za a biya cikin shekara 4, domin sayen sabon injin yanka da naɗe kwali. Tayin yana da wa'adin kwana 45, zai faɗi ranar Alhamis 3 ga Afrilu, 2025. Daga cikin sharuɗɗan da sai an cika su kafin a saki kuɗin akwai miƙa waɗannan takardu, kuma sashen shari'a na bankin ya faɗa mana a rubuce cewa ba zai karɓi hoton da muka ɗauka da kanmu ba, ko da lauyanmu ya sa masa hannu. Wanda ya fito daga Hukuma kaɗai yake so.

Ga takardun da muke nema:

1. Shaidar rajistar kamfani ta ranar 12 ga Yuli, 2012.

2. Kundin manufofi da dokokin tafiyar da kamfani, wanda ake rubutawa MEMART, cikakke daga bango zuwa bango, har da shafin ƙarshe inda waɗanda suka kafa kamfanin suka sa hannu. A haɗa da gyaran da aka yi masa a 2019.

3. Fom CAC 2 na 2012, mai nuna jarin farko da yadda aka raba hannayen jari.

4. Fom CAC 7 na 2012, mai ɗauke da bayanan daraktocin farko, tare da fom CAC 7A da muka shigar a watan Nuwamba 2018.

5. Fom CAC 3 na adireshin ofishin da aka yi wa rajista, da fom CAC 2.1 na sakataren kamfani.

6. Ƙudurin ƙarin jari na 2019 da shaidar da Hukuma ta bayar a kansa, da kuma takardar rabon ragowar hannayen jari da muka shigar a watan Oktoba 2022.

7. Sabon rahoton halin da kamfani yake ciki, wanda shafin Hukuma yake kira Status Report, mai kwanan wata na wannan watan.

Ranka ya daɗe, mai yiwuwa jami'in da zai duba wannan buƙata ya ga kamar ta bakwai ta wadatar, tunda tun daga 2021 rahoton nan ne ya maye gurbin yawancin tsofaffin fom-fom, kuma yana tattara daraktoci da masu hannun jari da adireshi a wuri guda. Mu ma haka muka fara gaya wa bankin. Amsar da lauyoyinsa suka ba mu ita ce rahoton yana nuna yadda kamfani yake a yau ne kawai, su kuwa suna son su bi sawun yadda aka iso nan, takarda bayan takarda. Na yi nazarin hujjarsu, na ga suna da gaskiya, domin abubuwa uku sun canza a kamfanin nan tun kafa shi, kuma kowanne ya shafi tambayar wane ne yake da ikon ɗaura wa kamfani bashi.

Na farko shi ne daraktoci. Mu uku muka kafa kamfanin. A watan Agusta 2018 Allah Ya yi wa ɗayanmu, Alhaji Sama'ila Garba, rasuwa, Allah Ya jiƙansa. Bayan an kammala rabon gado aka mayar da hannayen jarinsa ga magadansa, babbar 'yarsa Hajiya Rabi Sama'ila ta shigo majalisar daraktoci. Ita ce za ta sa hannu tare da ni a yarjejeniyar rancen, saboda haka bankin yake son ganin fom ɗin 2012 da babu sunanta da kuma na 2018 da sunanta ya shiga, a ajiye su gefe da gefe. Idan takardun mayar da hannayen jarin marigayin suna cikin fayil ɗin, kamar yadda muke da rasidin shigar da su, ina roƙon a haɗa mana da kwafinsu, za mu biya kuɗin da ya hau kansu.

Na biyu jari ne. Da naira miliyan 1 muka fara. A 2019 muka ɗaga shi zuwa miliyan 20, amma ba duka muka raba a lokacin ba. Da Dokar Kamfanoni ta 2020 ta zo, wadda aka sa wa hannu ranar 7 ga Agustan shekarar, aka daina barin kamfani ya riƙe hannayen jarin da bai raba ba, kuma Hukuma ta sa ranar 31 ga Disamba, 2022 a matsayin wa'adin ƙarshe. Mun raba ragowar kafin wa'adin ya cika. Abin da ya biyo baya shi ne tarihin jarinmu ya rabu gida biyu: na 2012 da na 2019 a takarda muka kai su, na 2022 kuwa ta intanet aka shigar. Idan aka zaro na shafin intanet kaɗai, lissafin ba zai haɗu wa mai karantawa ba. Wannan ne ya sa nake roƙo musamman a duba tsohon fayil na takarda.

Na uku shi ne gyaran kundin dokokinmu. A kundin farko an ƙayyade wa daraktoci iyakar bashin da za su ci ba tare da komawa ga babban taron masu hannun jari ba, kuma iyakar ta yi ƙasa ƙwarai da abin da muke nema yanzu. Gyaran 2019 ne ya faɗaɗa ta. Kundin da babu wannan gyaran ba zai amfane mu ba, zai ma sa bankin ya ɗauka cewa mun wuce gona da iri. A duk takardun da na lissafa babu wadda ta fi wannan muhimmanci gare mu.

Akwai kuma wata ƙaramar magana da gara in faɗe ta tun yanzu. A fom CAC 7 na 2012 an rubuta sunana Mohammed, alhali a katin shaidata na ɗan ƙasa da kuma bayanan da ke shafin Hukuma a yau Muhammad ne. Ba gyara nake nema a tsohon fom ba, a ba mu shi yadda yake. Na riga na yi takardar rantsuwa a kotu cewa mutum ɗaya ne, na ba bankin, ga kuma kwafi na haɗa domin kada bambancin ya tsayar da aikin a wajenku.

A ɓangarenmu, mun shigar da rahoton shekara-shekara har zuwa na 2023, na 2024 kuma yana jiran babban taronmu na bana. Mun shigar da bayanan mutanen da ke da rinjayen iko a kamfanin kamar yadda doka ta tanada. A safiyar yau da na duba shafin Hukuma, matsayin kamfaninmu yana nuna ACTIVE. Mun cika buƙatar ta asusunmu na shafin ranar 27 ga Fabrairu, mun biya kuɗin kowace takarda ta Remita, rasidan suna haɗe da wannan wasiƙa. Idan lissafin Hukuma ya nuna akwai ragowar kuɗi ko wata tara da ba mu lura da ita ba, a sanar da mu adadin, za mu biya a ranar.

Ba ni da masaniyar wata jingina da aka taɓa yi wa rajista a kan kadarorin kamfanin nan, domin ba mu taɓa ba da su jingina ba. Bankin yana son ya ga haka daga bakin Hukuma, don haka ina roƙon rahoton ya fito da wannan a sarari. Injinan da muke da su da wanda za a saya su ne za su zama jinginar wannan rance, kuma mun san doka ta ba da kwana 90 daga ranar ƙulla jingina a yi mata rajista a wurinku. Lauyan bankin zai zo da wannan a kan lokaci.

Roƙona shi ne takardun su iso gare mu zuwa ranar Juma'a 21 ga Maris, 2025. Lauyoyin bankin sun ce suna buƙatar aƙalla kwana 7 na aiki su duba su, su kuma yi nasu binciken kafin a sa hannu. Na san ba mu kaɗai ne a layi ba, kuma zaro fayil na 2012 ya fi danna kwamfuta wuya. Sai dai idan tayin ya faɗi, sai mun sake neman rancen daga farko bisa sababbin sharuɗɗa, mai sayar mana da injin kuma bai yi alkawarin riƙe mana shi bayan tsakiyar Afrilu ba. Idan ba za a samu duka a lokaci guda ba, a fara ba mu ta biyu da ta huɗu da ta bakwai, sauran su biyo baya. Idan kuma an nemi wata takarda ba a same ta a fayil ba, ina roƙon a rubuto mana haka a hukumance, domin mu nuna wa bankin, mu kuma kawo ta asali da ke hannunmu a sake shigarwa.

Za a iya turo kwafin ta asusun kamfanin a shafin Hukuma ko ta adireshin imel da ke cikin bayananmu. In akwai wanda sai an karɓa hannu da hannu, mun wakilta sakataren kamfaninmu, Barista Nuhu Idris Makarfi, zai zo da katin shaidarsa da takardar wakilci.

Abubuwan da na haɗa da wannan wasiƙa su ne ƙudurin majalisar daraktoci na 24 ga Fabrairu, hoton shaidar rajistarmu, rasidan Remita, shafin takardar tayin banki mai ɗauke da sharuɗɗan, takardar rantsuwa a kan sunana, da hoton katin shaidata da na Hajiya Rabi.

Na gode da kulawarku. Allah Ya taimake ku a kan aikinku.

Naku cikin girmamawa,

Muhammad Lawal Yunusa
Manajan Darakta

Hajiya Rabi Sama'ila
Darakta

A madadin Marmaro Kwalaye Nigeria Limited