Mesh ko ekistenda: wanne ya fi dacewa da gidan bene?

Rautarmu, wato na'urar da ke raba Wi-Fi a gida, tana falon ƙasa, kuma da ka hau sama sai kiran bidiyo ya fara tsinkewa. Laifin dekin ne. Kankare da rodin da ke cikinsa suna cinye sigina, musamman ta zangon 5 GHz mai sauri; ta zangon 2.4 GHz ta fi iya ratsa bango, amma ba ta da gudu.

Ekistenda, wato na'urar da ke karɓar siginar rauta ta maimaita ta, na fara saya, don ta fi araha nesa ba kusa ba. Ka soka ta a soket, ka danna maɓallin WPS a jikinta da na rauta don su haɗu, shi ke nan. Kuskurena na farko shi ne kai ta ɗakin da sigina ta mutu. To me za ta maimaita a can? Waya ta nuna sanduna cike, shafi kuwa ya ƙi buɗewa. Sai da na dawo da ita saman matakala, inda babu dekin tsakaninta da rauta, sannan ta yi amfani.

Duk da haka akwai abin da wurin ajiya ba ya gyarawa. Ekistendar da ke karɓa da aikawa a kan tasha guda takan zubar da kusan rabin gudun. Kuma tawa ta buɗe wani suna daban mai _EXT a ƙarshe. In na sauko ƙasa, wayar tana nan maƙale da ita ko da ina tsaye gaban rauta, sai na kashe Wi-Fi na sake kunnawa. Wannan ne ya fi ci min rai.

Mesh kuwa na'urori ne biyu ko uku da ke aiki da suna ɗaya, suna taimaka wa waya ta koma kan wadda ta fi kusa. Yanzu ina hawa bene ina magana, kira bai yanke ba. Amma kada a ruɗe ka, ita ma siginar da ke haɗa na'urorinta sai ta ratsa dekin nan. Akwai mesh masu zangon sigina uku, waɗanda kan keɓe zango guda don zancen junansu, amma sun fi tsada. Ni dai na ja kebul ɗin Ethernet ta gefen matakala na haɗa ta sama da ta ƙasa, gudun ya zama kusan ɗaya ko'ina.

In ɗaki guda ne ke ba ka matsala, kuma saƙo da ɗan karatu kawai ake yi a ciki, ekistenda ta wadatar. In kuwa sama cike take da mutane, wannan na taron aiki, wancan na kallo, mesh mai na'ura biyu nake ba da shawara, ɗaya a kowane hawa. Kafin ka biya, duba bayan kowace ka tabbata tana da ramin kebul.