Gayyata: horon kashe gobara ga duk ma'aikata, 11 da 12 ga Maris

Assalamu alaikum abokan aiki,

Da fatan kowa yana lafiya, ya aiki? Sashen kula da ma'aikata na gayyatar ku horon kwana ɗaya kan kashe gobara da yadda ake fita daga gini in ta tashi. An raba mu gida biyu don kar ofis ya zama ba kowa, rukunin farko Talata 11 ga Maris, na biyu Laraba 12, kowa rana ɗaya zai zo, daga ƙarfe 9 na safe zuwa 3 na yamma.

Da safe za mu zauna a babban ɗakin taro da ke hawa na biyu, bayan hutu sai a sauka filin fakin na baya, can ne kowa zai riƙe tukunyar kashe wuta da hannunsa ya zare fil ya fesa. Gaskiya da yawanmu kullum muna wuce jajayen tukwanen nan a bango amma ba mu san ba iri ɗaya ba ne, misali ba a fesa mai ruwa kan wutar lantarki, ta CO2 ake ɗauka, kuma gindin wutar ake saitawa ba harshenta ba.

Rajista a fom ɗin da ke shafin ma'aikata ake yi, a sa suna da lambar aiki da sashe sai a zaɓi rana. Mutum 30 kowace rana za ta ɗauka, in ta cika to sai ɗayar. Mai asma ko mai juna biyu ya nuna a fom ɗin saboda akwai hayaƙi, za a ba shi wuri nesa kaɗan. Za a rufe rajista ranar Alhamis 6 ga Maris ƙarfe 4 na yamma, don Allah kar a bari sai an rufe a zo ana cewa a saka ni, a ranar za mu miƙa sunaye ga masu horarwa kuma da sunayen za a buga satifiket.

Sai maganar kaya, nan ne nake so a kula sosai. A sa kayan auduga da suka zauna a jiki, ban da mai faɗin hannu ko wani abu da ke lilo, ban da yadin roba domin in ya ji wuta narkewa yake ya manne a fata. Takalmi rufaffe mara tsini, wanda ya zo da silifas sai dai ya yi kallo. A zo da katin shaida amma a cire igiyarsa daga wuya kafin a sauka fili.

Wanda hutunsa ya faɗo cikin ranakun ya amsa wannan imel kafin Alhamis ɗin.

Mun gode,
Jami'ar horarwa, sashen kula da ma'aikata