Takardar darasi ga 'yan aji biyu na babbar sakandare, Sakkwato: samo zanen logaritim daga zanen fawa ta hanyar ninke takarda a kan layin y = x

Ɗalibai, na rubuta muku wannan takarda ne bayan na gama duba aikin gidan da kuka kawo ranar Laraba, domin na lura cewa da yawa daga cikinku kun iya zana y = 2^x ba tare da kuskure ba, amma da zarar an ce ku zana y = log₂ x sai ku ɗauko littafin jadawalin lissafi ku fara lalube, kamar an ba ku wani aiki dabam. Alhali kuwa zanen na biyu yana nan cikin na farko, abin da ake bukata kawai shi ne a dube shi a madubi, kuma madubin shi ne layin y = x, wato miƙaƙƙen layin da ya ratsa mahaɗar layin x da layin y a karkace, yana raba kusurwar da ke tsakaninsu gida biyu daidai.

Dalilin yana cikin ma'anar logaritim kanta. Idan muka ce 2^3 = 8, muna nufin an ba mu fawa, wato 3, mun nemo sakamako, wato 8. Idan kuma muka ce log₂ 8 = 3, an ba mu sakamakon ne, mu kuma muka nemo fawar da ta haifar da shi. Magana ɗaya ce aka faɗa ta fuska biyu, saboda haka duk ɗigon (a, b) da ke kan zanen y = 2^x yana da ɗan'uwa (b, a) a kan zanen y = log₂ x.

Ku ɗauki takardar giraf da rula da fensir. Kafin komai, ku tabbatar cewa ma'aunin da kuka sa a layin x shi ne kuka sa a layin y, misali santimita 1 ga kowace lamba ɗaya a duka biyun. Wannan sharaɗi ne da ba a sassauci a kansa, domin idan ma'aunan suka bambanta, layin y = x ba zai tsaya a digiri 45 ba, kuma duk ninkin da za ku yi bayan haka ba zai kai ɗigo inda ya dace ba. Ku sa kowane layi ya tashi daga −3 zuwa 8, sannan ku ɗiga waɗannan:

```
y = 2^x      y = log₂ x
(−2, 1/4)    (1/4, −2)
(−1, 1/2)    (1/2, −1)
(0, 1)       (1, 0)
(1, 2)       (2, 1)
(2, 4)       (4, 2)
(3, 8)       (8, 3)
```

Ku fara da na hagu kaɗai, ku haɗa ɗigogin da lanƙwasasshen layi, ku danna fensirin sosai don ya fito. Sannan ku ja layin y = x, ku ninke takardar a kansa ta yadda zanen zai kasance a waje, ku ɗaga ta a jikin gilashin taga, ko ku fita da ita bakin ƙofa, tunda hasken rana ba ya yi mana ƙaranci a garin nan. Ku bi sawun da kuke hangowa ta ɗaya ɓarin da fensir. Idan kun buɗe takardar, za ku tarar sabon layin ya bi ta kan ɗigogin da ke dama a jadawali ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya taɓa rufe littafi tawada ba ta bushe ba ya riga ya san yadda rubutu ke komawa shafin da ke fuskantarsa a juye.

Akwai hujjar da ta fi ninkin takarda ƙarfi, kuma ita nake so ku riƙe don jarrabawa. Ku haɗa (3, 8) da (8, 3) da rula. Tsakiyar wannan ɗan layi tana (5.5, 5.5), wadda ke kan y = x, gangarensa kuma −1 ne, alhali gangaren y = x shi ne 1, kuma layuka biyun da gangarensu ya ba da −1 idan an ninka su da juna suna haɗuwa ne a digiri 90. Ke nan ɗigogin biyu suna fuskantar juna kai tsaye, nisan kowanne daga madubin ɗaya ne, kuma haka abin yake ga kowane (a, b) da (b, a).

Yanzu ku dubi abin da madubin ya yi wa siffofin zanen. Zanen y = 2^x yana ratsa layin y a (0, 1), na logaritim kuwa yana ratsa layin x a (1, 0), wanda shi ne dalilin da ya sa logaritim na 1 sifili ne a kowane tushe. Ta hagu, zanen fawa yana ta matsowa kusa da layin x ba tare da ya taɓa shi ba. A madubi sai wannan ya koma gangarowa ƙasa a gefen layin y, nan ma ba taɓawa. Tunda 2^x ba ya taɓa zama sifili ko ya sauka ƙasa da sifili, babu wani yanki na zanen logaritim da zai faɗa hagun layin y, kuma wannan ne asalin ƙa'idar da kuka haddace cewa babu logaritim ga sifili ko ga lambar da ke ƙasa da shi.

Abin da ya fi burge ni a darasin nan shi ne yadda saurin hawa ke komawa nawa. Ɗigon (10, 1024) yana kan zanen fawa, don haka (1024, 10) yana kan na logaritim. A ma'auninmu, sai kun yi tafiyar fiye da mita 10 zuwa dama, wanda ya zarce faɗin ajinmu, kafin layin ya ɗaga santimita 10 kacal. Duk da haka bai daina hawa ba, saboda haka kada ku zana ƙarshensa a kwance kamar ya kai iyaka, kuskuren da na gani a takardu da dama.

Wani kuskuren kuma shi ne ninkewa a kan layin y, wanda ke ba da y = 2^(−x), wato 1/2^x. Wannan ya samo asali ne daga ruɗa juya aiki, wato musanya x da y, da kifa lamba, kamar yadda 2 ke komawa 1/2. Gwaji mai sauƙi shi ne a duba ko zanen ya bi ta (1, 0); idan har yanzu yana bi ta (0, 1), to, ba logaritim aka samu ba.

Littafin jadawalin lissafin da kuke amfani da shi na tushe 10 ne, irin wanda Henry Briggs ya tsara bayan John Napier ya fito da logaritim a 1614, kuma dokar madubin ba ta canzawa a can: (1, 10) ya koma (10, 1), sannan 0.3010 da kuke gani a gaban 2 yana nufin 10^0.3010 ya yi kusan 2.

Aikin da za ku kawo ranar Litinin: ku zana y = 3^x daga x = −2 zuwa x = 2, ku samo y = log₃ x ta hanyar ninkewa, ku karanto log₃ 5 daga zanenku. Bayan haka ku yi wa y = (1/2)^x haka nan, ku lura cewa shi, saɓanin 2^x, yana ratsa layin y = x a wajen x = 0.64, sannan ku rubuta jumla biyu da ke bayyana dalilin da ya sa zanen logaritim ɗinsa dole ya bi ta wannan ɗigo.