Tsarin motsa jiki na gida: na Mama da 'yarta mai jinyarta

Wannan takarda ta Mama ce, mai shekara 64, wadda ta samu shanyewar ɓarin jiki mako biyar da suka wuce. Ɓarin dama ne ya yi rauni, hannun ya fi ƙafar, magana kuma tana fita a hankali. Yanzu tana zama da kanta a bakin gado, tana miƙewa idan an tallafe ta, tana taku kaɗan da sanda. Tsarin na mako huɗu ne, kuma na Mama kaɗai. Kada a ba wa wani mai irin ciwon ya bi, kowa da inda nasa ya taɓa.

Inda na ce "ku", da Mama nake. Inda na ce "ke", da 'yarta nake.

Mama, ciwon a ƙwaƙwalwa yake, ba a hannu ko ƙafa ba. Ƙwaƙwalwa tana sake koyon aiki ne ta maimaici, kuma ta fi saurin koyo a wata uku zuwa shida na farko, duk da cewa ana ci gaba da samun sauƙi bayan nan. Saboda haka abin da kuka yi da kanku, ko da yatsa ɗaya ne ya motsa, ya fi abin da aka yi muku amfani. Ke kuma aikinki tsaro ne da ƙirga. Na san tausayi zai sa ki riƙa rigan ta ɗaukar kofi, amma ki daure ki ba ta lokaci.

A tsaya nan take, a tafi asibiti

Idan baki ya karkace, ko raunin ya ƙaru farat ɗaya, ko ya ɓulla a ɓarin hagu, ko magana ta ƙara rikicewa, ko gani ya dushe, ko kai ya sara da ƙarfi irin wanda ba ta saba ji ba. Haka ma ciwon ƙirji, sarƙewar numfashi, suma, jijjiga, ko faɗuwar da kai ya bugu.

Ki duba agogo ki riƙe lokacin da abin ya fara. Kada ki ba ta ruwa, abinci ko magani, har da asfirin, domin sai an yi hoton ƙwaƙwalwa ake sanin toshewa ce ko zubar jini. Maganin narkar da gudan jini yana da wa'adi, a ƙa'ida awa huɗu da rabi, don haka ba a jiran gari ya waye, ko da alamar ta wuce da kanta. Tun yau ki ajiye lambar mai mota ko mai adaidaita da zai amsa kira cikin dare.

Idan sha-raɓar ƙafa ɗaya ta kumbura, ta yi zafi, tana ciwo, kada a matsa ta. Yana iya zama gudan jini ne. A kai ta asibiti a ranar.

Kafin a fara

Sau biyu a rana: da hantsi kafin rana ta yi zafi, da bayan la'asar. Minti 20 zuwa 30 kowane zama, kuma a bar awa ɗaya bayan cin abinci. Mama ta sha maganin hawan jininta yadda aka rubuta, ta huta minti biyar a zaune, sannan ki auna ta a hannun hagu. Idan na sama ya kai 180, ko na ƙasa ya kai 110, a bar motsa jiki, a sake aunawa bayan minti 15. In bai sauka ba ki kira asibiti. Ranar zazzaɓi, amai, gudawa ko jiri ma hutu ce.

A naɗe tabarma da darduma daga hanya. Kujera ta zama ta katako mai hannu, a jingine da bango; ta roba tana zamewa. Takalmi mai kama dunduniya, ban da silifas. Zani kada ya ja ƙasa.

Kafaɗar dama

Nan ne aka fi yin ɓarna a gida, kuma da kyakkyawar niyya. Naman da ke riƙe kafaɗar ya saki, don haka ja ɗaya ya isa ya gurɗa ta, ciwon kuma ya ɗauki watanni yana hana barci da aiki. Kada kowa ya ja Mama ta hannun dama, ko ya cusa hannu ƙarƙashin hammatarta ya ɗaga ta. Ki faɗa wa duk mai zuwa dubiya, har manya, da ladabi amma a fili. Idan tana zaune, hannun ya hau filo ko tebur, kada ya yi lilo. Wajen sa riga, hannun dama ke fara shiga. Wajen cirewa, shi ne na ƙarshe.

Ɓarin dama ba ya jin zafi sosai, saboda haka gashi da ruwan zafi ko kaskon wuta na iya ƙona ta ba ta sani ba. Ruwan wanka ki gwada shi da hannunki. Ban da tsaga da ƙaho, tunda tana shan asfirin kuma jini kan daɗe bai tsaya ba. Duk maganin gargajiyar da aka kawo, a nuna wa likita tukuna.

A kwance, rigingine

Mama, ku sarƙe yatsun hannu biyu, babban yatsan dama a sama. Hagu ya ɗaga dama a hankali zuwa daidai kafaɗa, ku sauke. Sau 10. Kada a wuce nan sai na duba.

Ku lanƙwashe gwiwoyi, tafin ƙafa a kan katifa, ku karkata gwiwoyin dama da hagu. Sau 10.

Daga nan ku ɗaga ƙugu sama, ku ƙirga uku da baki, ku sauke. Sau 8. Ke ki dafa gwiwar dama kada ta faɗi gefe. Ƙirgawa da baki tana hana riƙe numfashi, wanda ke ɗaga jini.

Ku ja dunduniyar dama zuwa ƙugu, ku mayar. Sau 10.

Ke kuma ki tallafi dunduniyar a tafinki, ki tura tafin ƙafar sama a hankali har ta ji jan jijiya, ki riƙe daƙiƙa 30. Sau uku. Ja ake nema, ba ciwo ba.

Wajen tashi, ta juya gefe, ta sauke ƙafafu, ta tura jiki sama, sannan ta zauna minti ɗaya ko biyu kafin ta miƙe saboda jiri.

A zaune

Ƙafa biyu a ƙasa, baya a miƙe. Ku karkata nauyi dama, ku dawo, ku karkata hagu. Sau 10. Ke kina zaune a damanta.

A shimfiɗa tawul a tebur, hannun dama a kai, hagu a samansa. Ku tura gaba kamar kuna goge teburin, ku dawo. Sau 10.

Ki buɗe mata yatsun dama ɗaya bayan ɗaya, ki fara da babban yatsa, ki kwantar da tafin a cinyarta daƙiƙa 30. Idan yatsun sun ƙanƙame, a rage sauri, ba a ƙara ƙarfi ba. Ƙwallon matsawa da aka kawo mata, ni dai a ajiye shi yanzu: damƙa tana dawowa, buɗewa ce ke ba ta wuya.

Sai aikin gaske, minti 10. Ta kama kofin roba marar komai ta saki, ta tura carbi, ta shafa mai a hannun hagu da na dama, ta riƙe kwano da hannu biyu. Mama, kada ku ji nauyin cin abinci da hagu a wannan lokaci, lalura ce. Amma hannun dama ya zauna a kan tebur inda kuke ganinsa.

Tashi da tsayuwa

Idan lokaci ya ƙure a rana, wannan kada a bari, domin shi ne hanyar banɗaki. Ku matso bakin kujera, ƙafafu a ware kaɗan, dunduniya ta koma baya ƙarƙashin gwiwa. Ku sunkuyo gaba har hanci ya zo saman gwiwa, ku miƙe. Ku ƙirga biyar, ku zauna a hankali ba faɗawa ba. Sau 5 a makon farko, a ƙara biyu kowane mako. Ke ki tsaya a damanta, hannunki a ƙugunta, gwiwarki kusa da tata ko da za ta lanƙwashe. Kada ta rataya a wuyanki, bayanki ma abin tattali ne.

A tsaye, riƙe da tebur mai nauyi, kujera a baya: ku mayar da nauyi kan ƙafar dama, ku ƙirga biyar, ku dawo. Sau 10. Daga mako na biyu a ƙara taku gefe, biyar dama biyar hagu.

Tafiya: sanda a hannun hagu. Sanda, ƙafar dama, sannan hagu. Daga gado zuwa ƙofa ku dawo, sau biyu. In ya yi sauƙi kwana uku a jere, a kai tsakar gida. Ke kina damanta, ɗan baya kaɗan. Dandamalin ƙofa: hagu ke fara hawa, dama ke fara sauka. Mama, kada ku gwada tafiya ku kaɗai tukuna, musamman da dare. A ajiye fitila da kujerar ba-haya kusa da gado, tsuguno bai yi ba yanzu.

Idan ta fara sulalewa, kada ki yi kokawar tsayar da ita. Ki bi da ita ƙasa a hankali kina kare kanta. In ƙugu na ciwo ko ta kasa taka ƙafar, kada a ɗaga ta da ƙarfi, a nemi taimako.

Sauran rana

Umarni gajere, ɗaya bayan ɗaya, ki nuna mata da jikinki, a kashe rediyo. Kuka ko fushi ba gaira ba dalili yana cikin ciwon. Amma in ta daina cin abinci ko ta ƙi komai har mako biyu, ki sanar da mu. Salla a kujera, alwala ma a zaune, a goge ruwan ƙasa kafin ta tashi. Abinci a zaune tsaf, ta ƙara minti 30 kafin ta kwanta. Tari ko shaƙewa wajen sha abin faɗa wa likita ne. In ta daɗe a kwance, a sauya mata gefe duk awa biyu, ki duba dunduniya da ƙugu ko fata ta yi duhu ko ta saluɓe. Maganar azumi sai da likitanta.

Gajiyar da ta wuce cikin awa ɗaya ba komai. Idan ta kwana da ita, a rage rabi washegari. Ki koya wa mutum ɗaya a gidan duk wannan don ki samu hutu. A littafi ki riƙa rubuta awon jini, abin da aka yi, da inda ya yi ciwo. Ku zo da littafin, da sandar, da duk magungunanta ranar Talata bayan mako biyu, ƙarfe 9 na safe.